Zare da danƙo: me ya sa abu ɗaya yake da tauri ta tsawo, amma ya yi laushi a gicciye?

Ga waɗanda data ba ta bari suka saurari shirin ba, ga shi nan a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau zan fara da rake. Ka sayi rake, ka kama shi da hannu biyu ka ce za ka tsinka shi ta hanyar ja, kai da abokinka, kowa ya riƙe gefe guda. Sai dai ku gaji ku zauna. Amma mai raken yana ɗora wuƙa a kansa ya danna, sai ya tsage gida biyu tun daga sama har ƙasa. Haka mai faskare yake yi da itace, ba ya saran gungume a gicciye in yana son ya gama da wuri, bin jijiyar itacen yake yi. Kowa ya san wannan tun yana yaro. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, akwai lissafin da yake faɗa maka, da lamba, nawa ne bambancin. Shi za mu yi yau. Sunansa ƙa'idar gauraye, in kuma za ku nema a waya sai ku rubuta `rule of mixtures`.

Dalilin da ya sa na ɗauko maganar, lokacin da muke ajin ƙarshe a jami'a mun haɗa wani faranti na faibagilas wanda zarensa duk ya kalli gefe guda. Muka yanko ƙananan tsinkaye daga jikinsa don a ja su a injin gwaji. Don kada mu yi asarar farantin, wasu muka yanka ta tsawo, wasu ta faɗi, ba mu ma yi musu alama ba. Da sakamako ya fito sai muka ga lambobin sun rabu gida biyu, wasu can sama, wasu can ƙasa. Wallahi mun kwana biyu muna zargin injin. Alhali injin lafiyarsa ƙalau. Mun haddace ƙa'idar don jarrabawa, mun rubuta ta, mun ci, amma da ta tsaya a gabanmu ba mu gane ta ba. To ba na son hakan ya faru da ku, musamman masu gyaran tankin ruwa, masu lallaɓa jikin mota da faiba, da ɗaliban injiniya da ke saurarenmu.

Bari mu fara da kayan haɗin. Faibagilas abu biyu ne. Na farko zare ne na gilashi, siriri ƙwarai, kaurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na gashin kai ba. Na biyu shi ne ruwan da ake shafawa ya daskare, masu sana'ar suna ce masa rezin, ko dai foliyesta ko ifoksi. Ni zan riƙa ce masa danƙo, saboda aikinsa kenan, ya riƙe zaren wuri guda, ya kuma miƙa nauyi daga wannan zare zuwa wancan.

Abin da za mu auna shi ne tauri. Ku lura fa, tauri daban, ƙarfi daban. Ƙarfi shi ne nauyin da abu zai ɗauka kafin ya karye. Tauri kuwa shi ne yadda abu yake ƙin miƙewa in an ja shi. Robar tiyub tana da wuyar tsinkewa amma ba ta da tauri, da ka ja ta za ta biyo ka. Ana rubuta tauri da harafin E, ana auna shi da gigafaskal, wato GPa. Ba sai kun damu da girman ma'aunin ba, ku dai riƙe cewa in lambar ta ninka, miƙewar za ta ragu da rabi. Ƙarfen gini yana wajen 200. Alminiyam yana wajen 70. Zaren gilashi irin wanda aka fi amfani da shi yana wajen 72, kusan ɗaya da alminiyam. Shi kuwa danƙon ifoksi yana wajen 3.5 ne kacal. Wato zaren ya fi danƙon tauri sau ashirin.

Tambayar ita ce, in ka haɗa mai 72 da mai 3.5, me za ka samu? Amsar ita ce, ya danganta da inda ka ja.

Ga gwajin da za ku iya yi a gida. Ku samo waya ta ƙarfe, irin ta ɗaure rodi, da tsinken robar tiyub, tsawonsu ɗaya. Da farko ku jera su gefe da gefe, ku ɗaure kawunansu tare, sama da ƙasa, sannan ku rataya bokitin ruwa. Me zai faru? Kusan ba za ku ga motsi ba. Robar tana so ta miƙe, amma an ɗaure ta da wayar, ba za ta iya wuce inda wayar ta tsaya ba. Miƙewarsu dole ta zo ɗaya. Tunda kuwa wayar ce mai taurin kai, ita za ta kwashe kusan duk nauyin, robar tana rataye ne kawai.

Yanzu ku kwance su, ku ƙulla wutsiyar wayar da kan robar, su zama igiya guda doguwa, ku sake rataya bokitin. Wannan karon bokitin zai yi ƙasa sosai. Nauyin da ya bi ta wayar shi ne dai ya bi ta robar, babu wanda ya rage wa wani. Kowa zai miƙe gwargwadon laushinsa, sai a tara. Wayar ta miƙe ɗan kaɗan, robar ta miƙe da yawa. Ko da za ka canja wayar da wadda ta fi ta kauri sau goma, bokitin zai sauka kusan inda ya sauka ɗazu, domin ba wayar ce ke miƙewa ba.

To wannan shi ne duk karatun namu na yau. Ja ta tsawon zare shi ne jerin farko: miƙewa ɗaya, nauyi a rabe. Ja a gicciye shi ne jeri na biyu: nauyi ɗaya, miƙewa a tare. In ka ja faranti ta tsawon zarensa, zare da danƙo suna gefe da gefe. In ka ja shi a gicciye, nauyin sai ya bi ta zare, ya faɗa danƙo, ya sake shiga zare, ya sake faɗawa danƙo, kamar mai tsallaka kunya-kunya a gona.

Mu sa lambobi. Mu ɗauka an yi faranti mai kyau, irin na masana'anta, zare ya cinye kashi 60 cikin ɗari na wurin, danƙo ya cinye 40. Za mu kira kason zare Vf, kason danƙo Vm, taurin zare Ef, taurin danƙo Em. Na ta tsawo ga yadda yake:

```
E1 = Vf*Ef + Vm*Em
E1 = 0.6*72 + 0.4*3.5
E1 = 43.2 + 1.4 = 44.6 GPa
```

Wannan lissafi ne mai sauƙi, kowa ya kawo gwargwadon kasonsa a zuba a tukunya ɗaya. Amma ku dubi lambobin biyu da muka tara. Zare ya kawo 43.2, danƙo ya kawo 1.4. Wato cikin nauyin da aka rataya, zare ne ke ɗauke da kusan kashi 97 cikin ɗari, duk da cewa danƙo ya cinye kashi 40 na wurin. Shi ya sa in kana son ƙara tauri ta tsawo, hanyar a buɗe take: ƙara zare, ko ka sa zaren da ya fi tauri. Duk abin da ka ƙara za ka gan shi a sakamako kai tsaye.

Na gicciye kuma, tunda miƙewa ake tarawa, ba tauri za mu tara ba, laushi za mu tara. Laushi kuwa shi ne ɗaya bisa tauri.

```
1/E2 = Vf/Ef + Vm/Em
1/E2 = 0.6/72 + 0.4/3.5
1/E2 = 0.0083 + 0.1143 = 0.1226
E2 = 8.2 GPa
```

Kun gani ko? Faranti ɗaya, zare ɗaya, danƙo ɗaya. Ta nan 44.6, ta can 8.2. Bambancin ya haura ninki biyar. Kuma ku sake duban lambobin da muka tara, yanzu abin ya juye. Cikin miƙewar da aka samu, danƙo ne ya yi kashi 93 cikin ɗari, zare bai yi ko kashi 7 cikakke ba. Ta tsawo zare ne mai magana. A gicciye danƙo ne mai magana.

Don abin ya shiga ido, mu yanko tsinke mai tsawon mita ɗaya, faɗinsa milimita 25, kaurinsa milimita 4. Fuskar yankansa murabba'in milimita 100 kenan. Mu rataya masa buhun siminti huɗu, kilo 200, wanda ƙarfin jansa yake wajen niyutan 2000. In ka raba 2000 da 100, kowane murabba'in milimita yana ɗauke da niyutan 20, wato megafaskal 20. Miƙewa ita ce wannan 20 ɗin a raba da tauri. In ta tsawon zare aka yanko tsinken, 20 bisa 44,600, a kan mita ɗaya zai ƙaru da ƙasa da rabin milimita, wajen 0.45. In a gicciye aka yanko shi, 20 bisa 8,200, zai ƙaru da kusan milimita biyu da rabi. Wannan shi ne abin da injinmu na makaranta yake ta faɗa mana muna cewa ya lalace.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne, domin nan ne mutane ke zubar da kuɗi. Wani zai ce, to ai sai in sayi zaren kabon, tunda shi ne ake yin jirgin sama da kekunan tsere da shi. Zaren kabon na yau da kullum yana da tauri wajen 230 ta tsawonsa, ya ninka na gilashi sau uku da ɗoriya. Mu sa shi a lissafin, kaso 60 ɗin dai. Ta tsawo, 0.6 sau 230 ya ba mu 138, a ƙara 1.4, mun samu 139.4. Madalla, kuɗinka ya yi aiki, daga 44.6 ka tashi zuwa 139.4. A gicciye fa? In ka sa 230 a wurin 72, amsar za ta fito wajen 8.6. Daga 8.2 zuwa 8.6. Ka biya kuɗi mai yawa ka sayi ƙarin da bai kai rabin lamba ɗaya ba.

Har ma akwai rufin da ƙa'idar ta ce ba za ka huda ba. A ce ka samo zaren da ba ya miƙewa sam, komai jan da aka yi masa. To kasonsa a lissafin laushi ya zama sifili, abin da ya rage shi ne 0.4 bisa 3.5. In ka juya shi, 3.5 bisa 0.4, ka samu 8.75. Iyakarta kenan. Matuƙar danƙon nan ne, kuma kashi 40 ya ci, wannan lissafin ba zai ba ka sama da 8.75 ba ko da zaren lu'ulu'u ne. Sannan shi zaren kabon yana da wani hali da na gilashi ba shi da shi: shi kansa taurinsa a gicciye bai kai ko kashi ɗaya cikin goma na taurinsa ta tsawo ba. Don haka sa 230 a lissafin gicciye ma alfarma muka yi masa. A zahiri farantin kabon mai zare gefe guda bai fi na gilashi tauri a gicciye ba.

To, ina ƙa'idar take gaskiya, ina take kuskure? Domin ba na son ku tafi da ita kamar ba ta da aibu. Lissafin farko ana jingina shi ga Voigt, masanin kimiyya ɗan Jamus, tun 1889. Na biyun kuma ga Reuss, 1929. Yadda ya kamata ku ɗauke su shi ne, na farko rufi ne, na biyu daɓe ne. Gaskiyar abin tana tsakaninsu.

Ta tsawo, ƙa'idar tana faɗin gaskiya sosai. In zaren dogo ne, a miƙe yake, kuma ya kama danƙo da kyau, abin da za ka auna a injin zai zo daf da abin da ka lissafa. Dalili kuwa, zaton da aka gina ta a kai, cewa zare da danƙo suna miƙewa daidai wa daida, haka abin yake a zahiri.

A gicciye kuwa tana rage wa farantin haƙƙinsa. Lissafin ya ɗauka cewa zare da danƙo shimfiɗa-shimfiɗa ne, kamar ka jera faifai a kan faifai, nauyi ɗaya yana ratsa kowanne. Amma zare ba faifai ba ne, mulmulalle ne kamar tsinken tsintsiya, kuma danƙo ya kewaye shi ta ko'ina. Nauyi yana son bin hanya mai tauri, sai ya taru a inda zare biyu suka kusanci juna. Ga kuma wani abu: in ka ja roba tana sirancewa, amma danƙon da ya maƙale tsakanin zare biyu masu tauri ba shi da damar sirancewa yadda yake so, wannan takurawar tana ƙara masa tauri. Saboda haka abin da ake aunawa yakan fi 8.2. Akwai wani gyararren lissafi da ake kira Halpin-Tsai wanda injiniyoyi suka fi amfani da shi a nan, in ka sa lambobinmu a ciki zai ba ka tsakanin 12 da 15, gwargwadon yadda ka ɗauki jerin zaren. Ku lura dai, ko da 15 ɗin ne, kashi ɗaya cikin uku ne na 44.6. Hukuncin bai canja ba.

Kuskure na gaba shi ne wanda na fi gani wurin masu aikin hannu, har da ɗalibai. Vf kason wuri ne, ba kason nauyi ba. Mu kuwa da sikeli muke awo. Ka auna kilo ɗaya na zare, kilo ɗaya na danƙo, ka ce rabi da rabi kenan, ka sa 0.5 a lissafi. A'a. Gilashi ya fi danƙo nauyi. Lita ɗaya ta gilashi tana wajen kilo 2.55, lita ɗaya ta danƙo tana wajen kilo 1.2. Don haka kilo ɗaya na zare wurin da ya ci bai wuce lita 0.39 ba, kilo ɗaya na danƙo kuwa ya ci lita 0.83. In ka tara, lita 1.22. Kason zare shi ne 0.39 bisa 1.22, wato 0.32. Kashi 32, ba 50 ba. In ka yi lissafi da 0.5 za ka ce taurinka ta tsawo 37.8 ne. In ka yi da 0.32 na gaskiya, 25.4 ne. Ka ƙara wa kanka kusan rabi a takarda wanda babu shi a jikin kayan. In kana shakkar nawa ne zaren da ke cikin wani faranti na gilashi, a ɗakin gwaji akan yanki ɗan guntu, a auna shi, a ƙona shi a tanderu mai zafin wajen digiri 600. Danƙon zai ƙone, gilashin zai rage, a sake aunawa. Daga nan sai a juya nauyin zuwa wuri kamar yadda muka yi yanzu. Kada wani ya gwada a kicin fa, hayaƙinsa ba na shaƙa ba ne.

Kuma kar wani ya ce to bari in cusa zare kashi 90 in huta. A takarda, in ka jera mulmulallun zare sun matsu iyakar matsuwa, za su ci kusan kashi 91. Amma tun kafin nan danƙo ya daina isa ya jiƙa kowane zare. Sai ka samu busassun wurare da kumfar iska a ciki, zare yana gogar zare babu mai miƙa masa nauyi. Shi ya sa kayan masana'anta masu kyau suke tsayawa wajen kashi 60 zuwa 70. Wanda aka shafa da buroshi da hannu kuwa ba ya ko kusantar nan.

Duk abin da na faɗa a kan tauri ne. In aka zo maganar ƙarfi, wato karyewa, ratar ta fi haka muni. Faranti irin namu na gilashi da ifoksi yana iya ɗaukar wajen megafaskal 1000 ta tsawo kafin ya tsinke. A gicciye kuwa wajen 30 zuwa 50 ne. Wato ba ninki biyar ba, ninki ashirin ne ko fiye. Abin mamakin ma shi ne, wannan lambar takan gaza ta danƙon zalla wanda ba a sa masa zare ba. Me ya sa? Ku tuna mun ce danƙo ne ke yin kusan duk miƙewar. To an bar masa ɗan siririn wuri tsakanin zare da zare, a nan zai yi duk wannan miƙewar. Sai ya kai iyakarsa da wuri, ko kuma ya saɓule daga jikin zaren. A gicciye, zaren da ka sa don ya taimaka ya koma kamar tsakuwa a cikin tuwo. Ku koma kan tsinkenmu mai buhun siminti huɗu: megafaskal 20 ta tsawo wasa ne, ko kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa bai taɓa ba. A gicciye kuwa ya riga ya ci wajen rabin ƙarfinsa. Ka ninka buhunan, kana bakin karyewa.

Kuma karyayyen abu yana faɗa maka ta inda aka ci shi, in ka iya dubawa. In ta tsawo ya tsinke, bakin karayar zai yi buzu-buzu kamar tsohuwar tsintsiya, zare a tsintsinke, wasu sun zaro daga cikin danƙo. In a gicciye ne, za ka ga tsaga miƙaƙƙiya tana bin layin zaren, zaren kansa lafiya lau bai tsinke ba, an dai raba shi da ɗan'uwansa. Sau da yawa kafin ya tsage wurin yakan yi fari-fari, alamar danƙo ya fara rabuwa da zare kenan. Duk wanda ya taɓa ganin sandar tanti ta faiba da aka taka, ya ga yadda take tsagewa ta tsawo kamar rake.

To me za a yi da wannan ilimin? Abu ɗaya ne: kafin ka shimfiɗa zare, tambayi kanka ta ina nauyin zai ja. Ga misali biyu masu kama da juna amma maganinsu ya saɓa.

An kawo maka ƙotar shebur ta karye a tsakiya, ka ce za ka ɗaure ta da zaren faiba. Hannu zai so ya naɗa zaren yana kewaya ƙotar kamar bandeji. Amma ƙota lanƙwasa take yi in ana aiki, gefe ɗaya yana miƙewa ta tsawonta, ɗaya gefen yana matsewa. Jan yana bin tsawon ƙotar ne. Zaren da ka naɗa a kewaye yana gicciye da wannan jan, wato ka ba shi aikin 8, ba aikin 44 ba, danƙo kaɗai ka bari da nauyin. Daidai shi ne ka shimfiɗa zaren ta tsawon ƙotar ya haye karayar sosai ta kowane ɓangare, sannan ka yi ɗan naɗi a sama don ya riƙe shi kada ya ɓare.

Ga kuma bututun ruwa da ya tsage. Ku lura, bututun da matsin ruwa ya fasa kusan kullum ta tsawo yake tsagewa. Dalili shi ne, a bututu mai siririn bango wanda ruwa ke matsawa daga ciki, jan da ke kewaya shi ya ninka jan da ke bin tsawonsa sau biyu. A nan naɗin bandejin shi ne daidai. Shi ya sa masu ƙera bututun faiba a masana'anta suke naɗa zaren a karkace, wajen digiri 55 daga layin tsawon bututun, don ya raba kansa tsakanin jan biyu, kaso biyu a kewaye, kaso ɗaya ta tsawo.

In kuwa ba ka san ta inda nauyin zai zo ba, ko zai zo ta ko'ina, sai ka raba zaren. Amma ka sani rabon yana da farashi. In saƙaƙƙen ƙyalle ne, rabin zaren ya kalli nan, rabi ya kalli can, to a kowane ɓangare kusan rabin zaren ne ke maka aiki. In tabarmar yankakken zare ce, wadda aka watsa barkatai, irin wadda masu gyaran tanki suka fi saya, ƙiyasin da ake yi shi ne kashi uku cikin takwas na zaren ne ke aiki a duk inda ka ja. Mu gwada: irin wannan tabarma in an shafa ta da hannu, zarenta yakan tsaya wajen kashi 20 na wuri. Uku bisa takwas sau 0.2 sau 72 ya ba mu 5.4. Danƙo kuma 0.8 sau 3.5, wato 2.8. Jimla 8.2. Kun ji lambar ta dawo? Tabarmar tana ba ka wajen 8 ta kowane ɓangare, babu ɓangaren da zai ba ka mamaki, amma kuma babu ɓangaren da zai ba ka 44. Ga murfin tanki ko jikin akwati, hakan ya wadatar. Ga abin da zai ɗauki nauyi ta hanya guda, kamar sanda ko dogon katako, asara ce. Wannan dabarar ce dai ake yi wa filawud, ana jera siraran katako kowane ɗaya jijiyarsa tana gicciye da ta na ƙasansa, shi ya sa ba ya tsagewa kamar falanki.

Aikin gida kafin mako mai zuwa. Ku ɗauki zaren gilashi mai 72 da danƙo mai 3.5, amma kason zare ya zama 0.4. Ku lissafa E1 da E2, ku ajiye amsar a ƙarƙashin wannan rubutun, ku kuma faɗa min wanne ne ya fi faɗuwa in aka kwatanta da na 0.6, kuma me ya sa. Masu sana'ar faiba da ke cikinmu, in kuna da wani abu da ya karye a shago, ku ɗauki hoton bakin karayar ku turo, mu duba tare mu ga ko ta tsawo aka ci shi ko a gicciye.

Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.